Shin da giɓin ya kamata a buɗe rahoton ciniki, ko da ci gaban da aka samu?

Rabi'u: Assalamu alaikum. An ba ni minti goma in gabatar wa manyan manajoji rahoton cinikinmu na rubu'i na uku. An yanka mana miliyan 100, mun yi miliyan 92. A rubu'in da ya gabata mun yi 80, a irin wannan rubu'i na bara kuma 85. Shugaban sashenmu ya ce dole jimlata ta farko ta zama cewa ba mu cimma adadin ba, ni kuwa ina ganin hakan kashe kai ne. Wane ne ke da gaskiya?

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Kai ne ke da gaskiya. Daga 80 zuwa 92 ƙari ne na kashi 15 cikin 100, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya ɓoye irin wannan a shafi na biyar. Idan ka fara da gazawa, duk abin da za ka faɗa bayanta za a ɗauke shi a matsayin neman uzuri. Ka fara da ci gaban, ka nuna yankunan da suka yi ƙoƙari, sannan ka zo ga giɓin bayan zukata sun kwanta.

Hajiya Asabe: Malam Tukur, ban yarda ba, kuma dalilina shi ne mutanen da za a tsaya a gabansu. Su ne suka yanka miliyan 100 ɗin, a kansa aka tsara kashe kuɗi da sayen kaya da ɗaukar ma'aikata, kuma mai kula da kuɗi ya riga ya ga 92 a littafinsa kafin Rabi'u ya shiga ɗakin. Duk mintin da za a ɓata ana yabon yankuna, suna zaune ne suna jiran a ambaci abin da suka sani, kuma galibi wani zai katse maganar ya tambaya. Daga nan jagorancin zaman ya bar hannun mai gabatarwa.

Sannan kashi 15 ɗin da kake so a yi tutiya da shi ba shi da ƙarfin da kake zato. Yawancin kayayyaki suna da lokacin da suke tafiya da lokacin da suke kwantawa, don haka kwatanta rubu'i da wanda ya gabace shi yakan nuna sauyin lokaci ne kawai. Kwatancen da ya fi nauyi shi ne na bara, wato 92 a kan 85, ƙarin kusan kashi 8. Rabi'u, ina da tambaya: kun ƙara farashi tsakanin bara da bana?

Rabi'u: Ƙwarai kuwa, Hajiya, an ƙara kashi 10 a kan dukkan kayanmu tun farkon shekara.

Hajiya Asabe: To, a nan gizo ke saƙar. Ka raba 92 da 1.1 domin ka mayar da cinikin bana kan farashin bara, za ka samu kusan 83.6, wanda bai kai 85 ba. Ma'ana kuɗin ya ƙaru, amma yawan kayan da kuka sayar ya ragu da abin da bai kai kashi 2 ba. Idan ka tsaya ka ce ciniki ya bunƙasa, kuma wani a teburin ya yi wannan lissafin a gefen takardarsa, ba za a ƙara amincewa da sauran alƙalumanka ba. Ka tabbatar da shi daga adadin kayan da suka fita daga sito, domin lissafin da na yi ya ɗauka cewa nau'o'in kayan da aka saya ba su sauya sosai ba.

Da ni ce, minti na farko zai ɗauki abu uku: mun yi 92 a maimakon 100, kuɗi ya haura na bara amma yawan kaya ya ɗan sauka, kuma ga shawarar da nake nema daga gare ku yau. Minti huɗu na gaba su tafi a kan fasa giɓin miliyan 8 ɗin gida-gida, a shafi guda, daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Minti biyu ga hasashen rubu'i mai zuwa da abin da ake buƙata. Sauran ukun ka bar su, domin tambayoyi za su cinye su ko ka so ko ka ƙi. Babban jadawalin yankuna da kayayyaki ya koma rataye, a buɗe shi idan an nema.

Injiniya Bala: Ni a ganina matsalar ita ce minti goman kanta. Aikin wata uku ba ya shiga minti goma. A wurin aikinmu na taɓa neman a ba ni rabin awa aka ba ni, na bi yanki bayan yanki, kowa ya gamsu. Ka nemi ƙarin lokaci kawai.

Malam Tukur: Injiniya, ba tsawon lokaci ake gardama a kai ba, kuma wanda aka sa a jerin masu magana shida ba shi da bakin neman rabin awa. Hajiya, na karɓi maganar farashi, ban san an yi ƙari ba. Amma har yanzu ina da ja a kan fasa giɓin. Rabi'u, me ya jawo shi?

Rabi'u: Miliyan 5 odar wani babban abokin ciniki ce da ya ɗage zuwa rubu'i na huɗu, kuma ya riga ya sa hannu. Miliyan 2 kaya ne suka yanke a sito na wasu makonni, sauran miliyan 1 kuma ƙananan abubuwa ne a warwatse.

Malam Tukur: Ka gani ko? Fiye da rabin giɓin jinkiri ne, ba asara ba. Wanda ya ji "mun gaza da miliyan 8" a jimlar farko zai riƙe takwas ɗin a ransa, alhali ainihin abin da ya salwanta uku ne. Wannan ma rashin adalci ne ga ma'aikatan da suka yi aikin.

Hajiya Asabe: Wannan magana ce mai kyau, kuma maganinta shi ne biyar ɗin ta shiga jimla ta biyu, ba a jira minti na huɗu ba: mun gaza da 8, daga ciki 5 oda ce da aka sa wa hannu za ta shigo a rubu'i mai zuwa. Sai dai akwai sharaɗi. Idan ya kira ta jinkiri yau, wajibi ne ya ware ta a hasashen rubu'i na huɗu, kada a wayi gari an ci gajiyarta sau biyu, yau a matsayin uzuri, gobe a matsayin bajinta. Manajojin da suka daɗe suna lura da wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne miliyan 2 na yankewar kaya, domin shi kaɗai ne ke buƙatar hukuncin manya. Ya je wurin shugaban sashen sito kafin ranar, su daidaita a kan adadin da makonnin, don kada mutumin ya fara jin zancen a gaban shugabanninsa.

Injiniya Bala: Idan mai siton ya ce hasashen da sashen ciniki ya ba shi ne ya yi ƙasa fa? Sau da yawa haka abin yake.

Hajiya Asabe: Idan haka ne, sai a faɗe shi haka, a nemi a gyara yadda sassan biyu ke musayar hasashe.

Malam Tukur: Ni kuwa ba zan kawo shi a wannan zaman ba sam. Minti goma ba ta isa a raba gardamar sassa biyu, kuma da zarar an buɗe ta ba za a kai ga hasashe ba. A rubuta shi a rataye, a nemi zama na daban.

Rabi'u: Na gode muku. Zan buɗe da 92 da kuma odar da aka ɗage, kuma na fasa amfani da kashi 15. Batun sito ban yanke shawara ba tukuna, sai na ji abin da shugabansu zai ce gobe, domin ban duba hasashen da muka aika musu a farkon rubu'in ba.