Gwajin kyauta ya ƙare an cire mini kuɗi, wa ya taɓa rubuta musu aka mayar masa?

Maman Ilham, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Na shiga gwajin kyauta na mako ɗaya a wata manhajar kallon finafinai, na sa katina kamar yadda suka buƙata. Tun kafin makon ya cika na goge ta daga wayata. Yau da asuba sai ga alat, an cire N4,500. Ina son in rubuta musu. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Abba Mai Caji: Hajiya, 'yan damfara ne suka samu lambar katinki. Ki je banki a toshe shi tun kafin su yashe asusun.

Malam Sani, Daura: Wa'alaikumus salam. Abba, ba damfara ba ce, ita da kanta ta sa katin. Hajiya, goge manhaja ba ya soke rajista, rajistar tana nan a wurinsu, kuma wata mai zuwa za su sake cira. Saboda haka ki fara sokewa, ki ɗauki hoton shafin da ya nuna an soke. Daga nan ki duba alat ɗin da kyau ki ga sunan wanda ya cire. In kin ga `GOOGLE*` ko `APPLE.COM/BILL`, to kuɗin ta hannun su ya bi, kamfanin finafinan zai ce miki ba shi ya karɓa ba. Haka ta faru da ƙanena, ya yi ta aika musu saƙo suna mayar da shi wurin Google, kafin ya farga awa 48 da Google Play ke bayarwa don neman a mayar da kuɗi ta wuce. Masu iPhone kuma `reportaproblem.apple.com` suke shiga.

Maman Ilham: Malam, sunan kamfanin ne a alat ɗin, a shafinsu na sa katin.

Malam Sani: To su za ki rubuta wa, yau ɗin nan, kuma daga imel ɗin da kika yi rajista da shi. Ni lokacin da tawa ta faru da Turanci na aika, amma ga ma'anar abin da na ce:

“Na yi rajistar gwajin kyauta ranar 2 ga Maris da wannan adireshin imel. Ranar 9 ga Maris an cire N3,000 daga katina mai ƙarewa da 4417. Ban yi niyyar ci gaba ba, kuma ban kalli komai ba tun da aka cire kuɗin, kuna iya dubawa. Na soke rajistar yau. Ina roƙon a mayar da kuɗin cikin katin da aka cire su, a kuma tabbatar mini a rubuce cewa ba za a sake cira ba. Ga hoton alat da na sokewa.”

Maganar “ban kalli komai ba” ita ce ginshiƙin wasiƙar, don suna ganin duk abin da aka kunna. In yara sun buɗe ko da fim ɗaya bayan an cire, kada ki rubuta ta. Kuma lambobi huɗu na ƙarshen kati kawai ake ba su, banda ukun da ke baya, banda lambar sirri. An mayar mini, sai dai kuɗin sun haura mako kafin su shigo.

Zee Ƙofar Marusa: Hmm, ni kusan irin wannan na rubuta, har da ladabi, suka ce sharuɗɗan da na amince da su sun nuna ba a mayar da kuɗi. Wai in ci gaba da kallo har ƙarshen wata. Sa'a ce kawai, Malam.

Abba Mai Caji: Shi ya sa na ce banki! Akwai fom da ake cikewa a janyo kuɗin ta ƙarfi.

Baban Khalifa: Fom ɗin gaskiya ne, na cika shi a nan Katsina. Amma abin da ma'aikaciyar ta fara tambayata shi ne ko na tuntuɓi kamfanin, in nuna amsarsu. Ka ga ke nan wasiƙar ce gaba. Ta kuma ja kunnena kada in ce ban san cirewar ba alhali ni na sa katin, don kamfanin zai kawo shaidar rajista a yi watsi da ƙorafin. Nawa dai har yanzu ina jira, kamfanin kuma ya rufe mini asusun kallon.

Zee: To in sun turo saƙon tunatarwa kafin su cire fa, ya faɗa cikin tarkacen imel ba ka gani ba?

Malam Sani: A duba can ɗin kafin a rubuta. In babu saƙon, a faɗa a wasiƙar cewa ba a sanar da mutum ba. In yana nan, a bar maganar.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na soke, na aika. Sai dai yanzu Ilham ke ce mini ta kunna katun a talabijin da safen nan, ashe asusun yana buɗe a can. Malam, in sake aika gyara ne ko in jira amsarsu?