Riba a kan kuɗin saye da riba a cikin kuɗin sayarwa: abin da aka tattauna

An tattauna kan ko da kuɗin saye ya kamata a auna riba ko da kuɗin sayarwa. Tattaunawar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda ribar ɗaya ce, abin da ake auna ta da shi ne ya bambanta. Kayan da ka saya 80 ka sayar 100, ribarka 20. Idan ka auna da kuɗin saye, kashi 25 ne cikin ɗari; da kuɗin sayarwa kuwa, kashi 20.

2. Kuskuren da aka fi ambata: mutum yana son kashi 20 na cinikinsa ya zama riba, sai ya ɗora kashi 20 a kan 80 ya sayar 96. Ribarsa 16, wato ko kashi 17 na cinikin bai kai ba. Gyaran shi ne a raba 80 da 0.8, wato kashi 80 cikin ɗari da ya rage bayan an cire kashi 20 na riba, a samu 100.

3. An rabu kan wanda ya kamata a riƙe. Wasu sun ce ɗorawa a kan kuɗin saye ta fi sauƙi wajen sa farashi. Wasu suka ce haya, albashi da ragi duk daga ciniki ake cire su, don haka da shi za a auna. Ni na fi karkata nan, musamman saboda ragi: ɗora kashi 25 a kan kuɗin saye, ka rage kashi 20 na kuɗin sayarwa, ka koma kan uwar kuɗinka.