Saƙon "za a toshe asusunka": abin da aka tattauna a Kaduna

A wata tattaunawa da 'yan kasuwa suka yi a Kawo, an fi mayar da hankali kan saƙon da ke zuwa da sunan banki yana cewa za a toshe asusu idan ba a sabunta BVN cikin awa 24 ba. Abu na farko da aka jaddada shi ne gaggawar kanta alama ce, domin ɗan damfara ba ya son mutum ya samu sararin tambaya. Wata mai sana'ar POS ta ƙara da cewa ganin sunan banki a saman saƙo ba hujja ba ne, tunda ana iya ƙirƙirarsa, kuma banki ba ya neman PIN ko OTP ta saƙo.

An shawarci mutane su karanta adireshin shafin intanet da ke cikin saƙon kafin su taɓa, su duba kalmar da ta zo daf kafin `.com` ko `.ng`. Idan ba sunan bankin ba ne, ko an sauya harafi ɗaya, a bar shi.

Wanda ya taɓa amma bai rubuta komai ba, ya rufe shafin, kada ya yarda a sauke masa manhaja. Wanda ya riga ya shigar da lambar kati ko PIN kuwa, a ganina nan ne jinkiri ya fi cutarwa: ya toshe asusun nan take da lambar USSD ta bankinsa, ko da wayar maƙwabci ce, sannan ya je reshe a sauya kati da kalmar sirri, ya riƙe hoton saƙon domin shigar da ƙorafi.