"Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka": ta dace da littafin da ya ƙi daidaita?

Sani Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe wa kawuna littafin shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari. Na haɗa tirayal balans na watan jiya, wato jerin ragowar kowane asusu: gefen hagu, debit, 4,871,500, gefen dama, kiredit, 4,835,500. Kwana biyu ina neman bambancin naira 36,000 da ke tsakaninsu. Kawu ya leƙo ya ce, "Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka." Karin maganar nan ta dace kuwa? Kuma ta ina zan fara?

Baba na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam, ɗana. Kawunka ya ɗan karkatar da ita. Yadda muka taso muka ji, ana faɗinta ne a kan abin da mutane da yawa ke nema, ba a san wanda zai samu ba. Yarinya mai manema biyar, ko sarauta idan ta faɗi. To kai da wa kake takara a kan 36,000? Kai kaɗai ne a bakin ruwan. Da ni ne, "ruwa ba ya tsami banza" zan ce maka.

Auwal Muciya: Baba ya gama magana. Ruwa ba ya tsami banza, ka sa ido a kan yaran shago. Mu ma an taɓa yi mana, alat na bogi yaro ya riƙa nunawa.

Malama Hadiza Samaru: Auwal, a yi hattara da zargi. Tirayal balans ba ƙirga kuɗin aljihun tebur ba ne. Abin da yake gwadawa kawai shi ne ko duk abin da aka rubuta a hagu an rubuta kishiyarsa a dama. Yaron da ya soke kuɗin ciniki bai rubuta ba, littafi zai daidaita lafiya lau, don ɓangarorin biyu duka ba su gan shi ba. Wannan tsamin daga alƙalami ya fito.

Sani, ka fara da mafi arha. Sake haɗa layukan biyu, amma daga ƙasa zuwa sama, saboda ido yana maimaita kuskurensa idan ya bi hanyar da ya saba. Bambanci irin 100 ko 1,000 ko 10,000 cif galibi a wurin haɗawa yake. Naka bai yi kama da haka ba, amma minti biyar ne, ka yi.

Daga nan sai ka tambayi ita 36,000 ɗin kanta. Debit ne ya yi nauyi, don haka ko wani abu ya ɓace a kiredit, ko an ɗora wa debit abin da ba nasa ba. Duba littafin kuɗi da littafin ciniki, akwai cinikin 36,000 daidai? In akwai, mai yiwuwa ka shigar da shi gefe ɗaya ka manta ɗayan. In babu, raba biyu: 18,000. Duk adadin da ya zauna a gefen da ba nasa ba, ninkinsa ne yake fitowa a bambanci, domin ya rage can kuma ya ƙara nan.

Bashir Gyallesu: Malama, ai ba sai an je nesa ba. 36,000 ta rabu da 9, ta ba da 4,000 babu saura. A makaranta an ce mana in dai ya rabu da 9, juya lamba aka yi, kamar a rubuta 26,000 maimakon 62,000. Ka nemi wannan kawai, Sani.

Malama Hadiza Samaru: Rabin maganarka gaskiya ce, Bashir. Duk juyin lamba yana haifar da bambancin da ke rabuwa da 9, haka ma idan sifili ya zame, aka rubuta 4,000 a maimakon 40,000. Amma ba duk bambancin da ya rabu da 9 ne juyin lamba ba. Ita 18,000 ai tana rabuwa da 9, to ninkinta ma dole ya rabu. Gwajin yana nuna maka inda za ka leƙa ne, ba ya yanke hukunci.

Amfaninsa na gaske shi ne wannan 4 da ta fito. Tana cewa in juyi ne, lambobin biyu tazarar 4 ce tsakaninsu, kuma a gidan dubbai suke: 15 da 51, 26 da 62, 37 da 73, 48 da 84, 59 da 95. Ka ga maimakon rasit ɗari uku, 'yan ƙalilan za ka ware.

Sani Tudun Wada: Na sake haɗawa, jimla ba ta motsa ba. Babu 36,000 a ko'ina. Akwai 62,000 guda ɗaya, kuɗin buhunan sukari, amma daidai take a wuri biyun.

Malama Hadiza Samaru: To ɗauko tirayal balans na watan da ya gabata ka ajiye kusa da wannan. Bi su asusu bayan asusu. Abu biyu kake nema: asusun da yake can amma babu shi nan, da wanda ya sauya gefe. Waɗanda suka fi yaudara su ne rangwamen da dila ya yi muku da kayan da kuka mayar masa, su kiredit ne, amma hannu yana son jefa su debit kusa da takwarorinsu. Haka kuɗin banki in an ci fiye da abin da ke ciki. Sai wannan ya gaza za ka koma sake fitar da ragowar kowane asusu a leja, wato babban littafin asusu, ka duba abin da aka ɗauko daga watan baya, daga ƙarshe ka bi shigarwa ɗaya bayan ɗaya kana sa alama da jan biro. Wannan shi ne aikin kwana biyu, shi ya sa nake barinsa ƙarshe.

Auwal Muciya: Ni abin da na sani, jefa ta ake yi a asusun saspens, inda ake ajiye bambancin da ba a gano ba, a wuce wurin.

Malama Hadiza Samaru: Ana yi, idan lokaci ya ƙure kuma dole a fitar da rahoto. Amma ajiya ce, ba magani ba. Kuma kada ƙanƙantar adadi ta ruɗe ka: 500,000 a wannan gefe da 464,000 a wancan, su ma 36,000 za su nuna.

Sani Tudun Wada: Alhamdu lillahi, na gan ta! Katan-katan na taliya da ruwa ya taɓa, muka mayar wa dila, 18,000. A leja tana kiredit, ni ne wajen kwafewa na sa ta debit, a ƙarƙashin kayan da kwastomomi suka dawo mana da su. Yanzu kowane gefe 4,853,500.

Maman Ilham Kongo: Barka. Amma kada ka saki jiki, ƙanena. Shekarar da nake riƙe littafin wani shagon atamfa, wata uku komai na daidaita. Ashe mata biyu masu suna ɗaya ke karɓar kaya bashi, ɗaya ta biya 45,000 na rubuta wa ɗayar. Debit da kiredit ba su ce uffan ba. Sai da aka aika wa wadda ta biya takardar tuni, ta zo da rasit ɗinta a ƙulle a bakin zane, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Irin wannan, sai ka aika wa kowa bayanin bashinsa ya duba.

Bashir Gyallesu: To ni dai ina ganin kawu bai yi kuskure ba. Da kuskure biyu ne suka haɗu, raba biyu da raba tara duk ba za su yi aiki ba. Sani ya taki sa'a nasa guda ɗaya ne. Wannan ba rabo ba ne?

Baba na Ƙofar Doka: Sa'a daban, rabo daban, yaro. Kuma har yanzu ban ga abokin takara ba.

Sani Tudun Wada: Na karanta wa kawu duka. Ya ce a gaishe da Baba, amma shi a gidansu ko akuya ce ta ɓata haka ake faɗi. Maman Ilham, muna da Alhaji Musa har uku a littafin bashi, gobe in Allah ya kai mu da su zan fara.