Save a manhaja: Ajiye ne, Adana ne ko Ceto?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, dan Allah ina neman taimako. Ina fassara wata ƙaramar manhajar rubutu zuwa Hausa, aikin sa kai ne, na zo kan `Save` na rubuta Ajiye na wuce abina. Da na buɗe manhajar a waya sai na ga Ajiye ɗin nan ya fito a wuri uku, a menu na fayil, da wurin da ake sauke hoto cikin waya, sai na uku in manhajar ta tsaya cak ta mutu ka sake buɗewa tana tambayarka game da rubutun da baka gama ba. A na ukun nan wallahi Ajiye bai zauna min ba ko kaɗan. Kuma ni sau ɗaya kawai na ga kalmar a fayil ɗin fassara. Wace kalma ɗaya ce za ta ɗauke duka ukun?

Abban Khairat:
Adana mana. Ajiye ai na kaya ne, Adana shi ne na kwamfuta, sa shi ko'ina ka huta.

Hajiyar Boko:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge kafin mu shiga zancen kalma, wane irin fayil suka baka, mai ƙarewa da `.po` ne? In shi ne duba layin da ke saman kalmar wanda ya fara da `#:` ka faɗa min wuri nawa aka jero.

Ɗan Fagge:
Shi ne Hajiya. Uku ne kuwa, ban taɓa lura da layin nan ba.

Hajiyar Boko:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Tsarin gettext da ya haɗa fayil ɗin, in ya tarar da rubutu iri ɗaya sak a wurare da yawa sai ya dunƙule su ya baka layi ɗaya, shi bai san ma'ana ba harufa kawai yake gani. Mai manhajar kuma da Turanci yake tunani, a wurinsa kalma ɗaya ta wadatar. Mu a Hausa aiki uku ne daban. Ni yadda nake yi, ina tambayar kaina me ke faruwa da abin in an danna.

A menu na fayil, rubutun da kake yi yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne, in wuta ta ɗauke ya tafi, dannawar ita ke rubuta shi kan ma'ajiya ta danne tsohon da ke can. Shi ne aikin `Ctrl+S`, mai hoton faifan fulofi ɗin nan da yaran yanzu ba su ma taɓa riƙewa ba. A nan Abban Khairat ya yi daidai, Adana ne, kuma ina da dalilin da ya sa nake gudun Ajiye a wurin. Ka tuna akwatin da ke fitowa in za ka rufe Word, `Save` da `Don't Save` da `Cancel`. In ka rubuta "A ajiye canje-canjen?" Bahaushe zai iya jin a bar su ne, tunda muna cewa wane ya ajiye aiki, an ajiye maganar, ajiye makamanka. Ga maɓalli biyu masu kishiyantar juna kuma kalmarka tana iya nufin kowanne. Adana ba ta da wannan harshen damon, ba wanda zai ji adana ya ɗauka zubarwa ake nufi.

Na hoto kuwa ba abin da ake dannewa, kwafi ne ake yi a sa cikin wayarka, Ajiye a waya ya zauna daram.

Maman Ilham:
Ni fa abin da ya same ni kenan, na yi sebin wani bidiyon girki a Facebook na ce zan kalla da azumi, da na koma babu shi. Na ɗauka yana cikin wayata ashe ba haka ba. Wannan wanne ne a ciki?

Hajiyar Boko:
Maman Ilham naki na huɗu ne ma. Wancan `Save` ɗin alama kawai yake sa wa abin don ki same shi daga baya, bidiyon yana can wurin mai shi, ya goge ya tafi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kashe data ki duba, in bai buɗe ba to ba a wayarki yake ba. Da ni ke fassara shi Yi alama zan sa, don Ajiye alƙawari ne da maɓallin ba zai cika ba.

Bawan Allah 77:
Ni dai shawarata a guji Ceto, kalma ce mai nauyi, ceton Manzon Allah SAW muke roƙo ranar gobe, bai dace a liƙa ta jikin maɓalli ba.

Ɗan Fagge:
Malam ai muna cewa jami'an ceto, an ceto mutane daga ambaliya, ba a addini kaɗai take ba. Ni abin da ya dame ni da ita daban ne, mutum ya ga Ceto a waya zai ɗauka kiran gaggawa ne.

Issoufou na Maradi:
Mu nan da Faransanci muke aiki da ordinateri, wato kwamfuta, kuma su sun raba tun can. A Word `Enregistrer` ne, `Save As` kuma `Enregistrer sous`, in maganar kwafin tsaro ce sai ka ga `Sauvegarder`, kuɓutar da rai kuwa `Sauver`. To tunda manhajar taku in za a kai ta Faransanci dole su raba, ku ce su raba muku ku ma. Amma gaskiya a bakin mutane nan ba mai cewa adana, anrajistire muke cewa, kamar yadda ku kuke cewa sebin.

Hajiyar Boko:
Haka ne Issoufou, kuma rabawar ba wuya, tun 2006 gettext ke da `msgctxt`, layin da ke nuna a wane wuri ake amfani da kalmar. Mai manhajar ne zai gyara a nasa ɓangaren da `pgettext`, kai ba za ka iya daga fayil ɗinka kaɗai ba, in ka ƙara da hannu manhajar ba za ta nemi layin ba. In ya gyara haka zai zo maka:

```
msgctxt "file menu"
msgid "Save"
msgstr "Adana"

msgctxt "image"
msgid "Save"
msgstr "Ajiye a waya"
```

Na ukun ni Dawo da rubutun zan sa. Manhajar ta riga ta ɓoye wani kwafi a bayan fage kafin ta mutu, irin `AutoRecover` na Word da ke yi duk minti 10 in ba ka canza ba, abin da mutum ke so a lokacin a dawo masa da aikinsa.

Abban Khairat:
A nan ban yarda ba Hajiya. Ya riga ya dawo ai tunda gashi kana gani a allo, abin da ya rage ka tsare shi kar ya sake salwanta. Kuɓutar da shi ya fi kusa, ko dai Adana ɗin nawa.

Hajiyar Boko:
Ya danganta, in rubutun na bayyane lokacin da ake tambayar to kana da gaskiya. Ɗan Fagge me ke fitowa a allon?

Ɗan Fagge:
Sunan fayil da lokaci kawai, ba a nuna rubutun sai ka danna. Kuma Kuɓutar da rubutun ya yi wa maɓallin tsawo, yana yankewa a ƙaramar waya. Yanzu dai na sa Adana a duka tunda layi ɗaya gare ni, na kuma rubuta wa mai manhajar ya raba su uku. Abban Khairat in kana da gajeriyar kalma ta na ukun kawo kafin ya amsa.