Bidiyon farashin sari: me ake faɗa wa masu ɗaukar kaya da yawa?

Mai Sabulu: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan yi gajeren bidiyo don masu shaguna da ke sarar sabulu a wurina. Ga abin da na tsara zan faɗa: "Kaya sun sauka, masu kyau da rahusa. Katan ɗaya zuwa tara 24,000 kowanne, daga goma zuwa sama 21,500. Sai kun zo." Waɗanda suka saba yi, me ya rage?

Dattijon Layi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kafin a je ga bidiyo, ɗauko kalkuleta. Katan tara a 24,000 ya kama 216,000, katan goma a 21,500 kuma 215,000. Ka ga wanda ya ɗauki goma ya biya ƙasa da wanda ya ɗauki tara, kyautar katan guda ka yi masa har da canji. Muddin matakinka daga goma ya fara, ragin kada ya kai kashi ɗaya cikin goma na farashin. Mai da shi 22,800.

Sannan ka cire "masu kyau da rahusa". Mai shago ba wanka zai yi da sabulun ba, ribarsa yake lissafawa tun kana magana. Guda nawa ne a katan? In 48 ne, faɗi haka, ka buɗe katan ɗin a gaban kyamara a ga jerin. A 22,800 guda ɗaya ya faɗo masa 475, in ya sayar 550 ya ci 3,600 a katan. Ni haka nake jerowa: sunan kaya da girmansa, adadin da ke cikin katan, farashi, mafi ƙarancin abin da nake sayarwa, sai wanda zai biya kuɗin lodi da na mota. Na ƙarshen nan shi ya fi haɗa ni rigima da mutane a baya, don kowa ɗauka yake har ƙofar shagonsa za a kai masa.

Ɗan Autan Kasuwa: Ni dai shawarata ka sayi fitilar nan mai zagaye, kuma ka goge kyamarar waya kafin ka fara. Hoto in ya yi duhu ba mai tsayawa.

Mai Sabulu: Na gode, amma kan maganar da zan yi nake tambaya. Hasken rana ya ishe ni.

Hajiya Mai Kwanuka: Alhaji, ni na daina faɗar kuɗi a bidiyo gaba ɗaya. Na taɓa yin wani, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya, bayan kaya sun tashi wata mata ta zo da shi tana nuna mini bakina yana faɗar tsohon farashi. Me zan ce mata? Yanzu kayan kawai nake nunawa, mai so ya kira.

Dattijon Layi: Hajiya, matsalar gaskiya ce, amma maganin ya yi tsauri. Mai ɗaukar katan hamsin yana gwada dillalai uku ko huɗu a lokaci guda, wanda ya ɓoye kuɗi shi ake fara tsallakewa. Abin da nake yi, ina faɗar kwanan wata da bakina a farkon bidiyon, in ce farashin nan na wannan makon ne ko har kayan su ƙare. In kuma rubuta kwanan da kuɗin da babban alƙalami a jikin kwali ɗaya in riƙe, yadda ba za a yanke ɗaya a bar ɗaya ba. Yana kuma taimakon wanda ke kallo cikin hayaniya bai kunna murya ba.

Mai Shagon Kwana: Ku ji ta bakin mu masu saye. Dillalina ya sa farashin sari a Status ɗinsa na WhatsApp, kowa ya gani. Washegari wani kwastoma ya tsaya mini a kai, wai ya san nawa na saro, in rage masa. Bai san kuɗin mota ba, bai san waɗanda suka fashe a hanya ba. Don Allah kada ku faɗi kuɗin guda ɗaya a fili, mu mun iya rabawa da kanmu.

Dattijon Layi: Wannan ma magana ce. To a faɗi adadi da kuɗin katan, lissafin guda a bar shi sai an zo ciniki.

Hajiya Mai Kwanuka: Ai kwastoman ma yana da kalkuleta a wayarsa, Alhaji.

Mai Sabulu: Na gyara zuwa 22,800, na sa adadi, kwanan wata da maganar mota. Ina tunanin yin guda biyu: na kowa babu kuɗi, mai kuɗin kuma in tura wa masu shagunan da na sani kai tsaye. Sai dai ko shi ɗin ba abin da zai hana wani ya tura gaba. Akwai wanda ya gwada haka?