Neman kalma: me za mu kira r da t idan haske ya isa bakin gilashi?

Malamar Fiziks: Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi kan igiyar haske da ta taso daga iska ta faɗa wa gilashi, wani ɓangare ya dawo, wani ya shige. Dawowa da ratsawa sun zauna min. Inda na tsaya shi ne lambobin nan biyu:

```
r = (n1 - n2)/(n1 + n2)
t = 2*n1/(n1 + n2)
```

A nan r girman kaɗawar igiyar da ta dawo ne a raba da na wadda ta zo, t kuma na wadda ta ratsa a raba da na wadda ta zo; n1 da n2 lambobin da ke nuna yadda wurin farko da na biyu ke rage gudun haske ne. Na sa wa r da t kason dawowa da kason ratsawa. Sai kuma abin da Bature ke kira nomal insidens. Me kuka gani?

Ɗalibi: Malama, nomal ai an sani, na yau da kullum ke nan. A ce faɗawa ta al'ada.

Tsohon Lakcara: A'a ɗana, nan ba al'ada ake nufi ba. Nufin shi ne hasken ya sauka a kan fuskar gilashin tsaye cak, digiri 90, bai karkata ko'ina ba. Faɗawa a tsaye ta wadatar. Da zarar ya karkata, lissafin da Malama ta kawo bai isa ba.

Malama, kaso ne ban yarda da shi ba. Ɗauki iska n1 = 1, gilashi n2 = 1.5. Za ki samu r = -0.2, t = 0.8. Yanzu juya tafiyar, hasken ya fito daga gilashi zuwa iska: r = +0.2, t = 1.2. Wane kaso ne yake ƙasa da sifili, wanne ne kuma ya fi abin da aka raba? Duk wanda ya ji kaso zai jira r da t su haɗu su ba da ɗaya, alhali dokar da ke tsakaninsu ita ce 1 + r = t. Dalili kuwa, filin lantarkin da ke wannan gefen iyaka dole ya yi daidai da na wancan gefen: mai zuwa da mai dawowa a haɗe, su ne mai ratsawa.

Ɗalibi: To Baba, 1.2 ba yana nufin hasken ya ƙaru ba? Daga ina ƙarin ya fito?

Tsohon Lakcara: Girman kaɗawar ne ya ƙaru, makamashin bai ƙaru ba. Makamashin da igiyar ke ɗauke da shi yana tafiya ne da murabba'in girman kaɗawa sau n na wurin da take. Don haka:

```
R = r^2
T = (n2/n1)*t^2
```

Daga iska zuwa gilashi, R = 0.04, T kuma 1.5 sau 0.64, wato 0.96. Daga gilashi zuwa iska, 1.44 a raba da 1.5, 0.96 ɗin dai. Waɗannan manyan haruffan su ne kaso na gaskiya, kashi 4 da kashi 96 cikin 100. Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne su manta n2/n1, su haɗa 0.04 da 0.64 su samu 0.68. Duk lokacin da R da T suka ƙi cika ɗaya a gilashi mai tsabta, can za ka fara dubawa. Ni shawarata a bar kaso wa R da T, ƙananan kuma a kira su ninkin dawowa da ninkin ratsawa.

Mai hoton ciki a asibiti: Ranka ya daɗe, wannan ne dalilin man da muke shafa wa fata kafin mu ɗora na'ura. Idan iska ta shiga tsakani, sama da kashi 99 na sautin yana komawa, allo ya yi duhu. Mu dai amsa-kuwwa muke cewa, me zai hana a ɗauke ta?

Malamar Fiziks: Yaya, amsa-kuwwa ta sauti ce, ba ta hau haske ba, dawowa kuwa ta ɗauki duka biyun. Amma a lura, a sauti ana aiki da Z, wato turjiyar da wuri ke yi wa sauti, kuma na matsin sauti r = (Z2 - Z1)/(Z2 + Z1) ne, jerin ya juya. Wanda ya kwafo na haske zai samu alamar a birkice.

Baba, na janye kaso. Sai dai ninki ma yana da tasa matsalar: a kunnen Bahaushe ninki ƙari ne, ga shi 0.8 ragi ne.

Tsohon Lakcara: Gaskiyarki. Abin da ya sa na riƙe shi, yana gaya wa ɗalibi aikin da zai yi, ya ɗauki girman igiyar da ta zo ya yi sau da lambar. Alamar debewa kuma a ce masa igiyar ta dawo a kife, tudu ya koma kwari, kamar siririyar igiyar guga da aka ɗaura wa kakkaura aka girgiza.

Malamar Fiziks: To zan rubuta faɗawa a tsaye, kason makamashi, dawowa a kife. Ninki zan gwada shi a aji tare da kalmar ma'auni, in ga wanda yara suka fi kamawa kafin in sa a takarda.